Sunaye uku a takarda ɗaya

Ranar wata Litinin da safe manajan sashen kaya ya shigo ofishina, ko zama bai yi ba ya ajiye mini wata 'yar takarda a kan tebur. Sunaye uku ne a jiki, da rubutun hannunsa. Ya ce, "Malama, tunda dama za a rage ma'aikata a watan gobe, ki saka waɗannan a ciki, a yi musu kuɗin goro kawai, kowa ya huta."

Ni ce mai kula da harkokin ma'aikata a kamfanin, wanda aikinsa ajiye kaya ne da rarraba su. Na san mutanen uku. Na farko mai kula da sito ne da ake raɗe-raɗin yana fitar da kaya fiye da abin da ke kan takarda. Na biyu magatakardan lissafin kaya ne wanda kurakuransa suka ishi kowa. Ta uku wata mata ce a sashen rubuta rasit, sashen da dama shi ne za a rage saboda an kawo sabuwar manhaja da ke yin wani ɓangare na aikinsu.

Na ce masa, "Yallaɓai, waɗannan ai ba hanyarsu ɗaya ba. Ɗaya ana zarginsa da laifi, ɗaya ya kasa aiki, ɗaya kuma kujerarta ce ake tunanin ɗaukewa." Ya ce duk dai ƙofa ɗaya za su bi su fita. Na ce haka ne, amma idan an je kotu ba ƙofar za a tambaye mu ba.

Ba tsabar son ƙa'ida ce ta sa na kafe ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Shekaru kafin wannan, a wani wurin da na yi aiki, mun sallami wani mutum da ba ya jituwa da ogansa, muka rubuta a takarda cewa an soke muƙaminsa. Bayan wata biyu muka fitar da tallar neman ma'aikaci a kan wannan muƙamin, ko sunan aikin ba mu canza ba. Lauyansa bai yi dogon bayani ba. Ya ajiye takardar sallamar, ya ajiye tallar a gefenta. Ni na buga takardun biyu da hannuna, kuma ni aka tsayar a gaban alƙali ana tambayata wace ce gaskiya a cikinsu. Tun daga ranar na daina fakewa da guzuma don a harbi karsana.

Rabe-raben nan uku ba ni na ƙirƙire su ba. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1982, ta ce ba a raba ma'aikaci da aikinsa sai da dalili ingantacce, kuma dalilin ko dai ya shafi halinsa, ko iya aikinsa, ko buƙatar gudanar da ma'aikatar. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba, kuma kwanakin notis da kuɗin sallama kowace ƙasa da nata, haka ma kowace kwantiragi. Amma ƙashin bayan maganar kusan ɗaya ne a ko'ina, don kowane dalili da tambayar da yake jawowa. Idan ka ce laifi, za a tambaye ka ko ya aikata, kuma ko ka saurare shi. Idan ka ce kasawa, za a tambaye ka ko ka gaya masa, kuma ko ka ba shi lokacin gyara. Idan ka ce rage ma'aikata, za a tambaye ka ko aikin ya tafi da gaske, kuma me ya sa shi ba waninsa ba.

Da mai sito muka fara, don zargin laifi ba ya son jinkiri. Shawara mai lamba 166, wadda ta zo tare da waccan yarjejeniya, ta ce idan mai aiki ya san da laifi ya zura ido har lokaci ya ja, ana iya ɗaukar cewa ya yafe haƙƙinsa na kora a kan wannan laifin. Manajan ya yi mako uku yana jin maganar bai ce komai ba, saboda haka ban ƙara kwana ba.

Na rubuta wa mutumin takardar dakatarwa, albashinsa na tafiya, kuma na rubuta ƙarara cewa dakatarwar ba hukunci ba ce, an yi ta ne don makullan sito da littattafan suna hannunsa. Manajan ya so ya yi binciken da kansa, ya kuma zauna a kwamitin da zai yanke hukunci. Na hana. Wanda ya kawo ƙara ba ya zama alƙali. Akantan wani sashe muka ba binciken, ya ɗauki takardun fitar da kaya na wata biyu ya jera su da littafin masu gadin ƙofa, rana da rana. Ya sami ranaku uku da lissafin bai hau ba. A ɗaya takarda ta ce katan 40, littafin ƙofa ya ce 46 suka fita. A ta biyu bambancin katan huɗu ne, a ta uku biyar.

Takardar tuhuma ita ce inda mutane suka fi yin sakaci. Abin da manajan ya fara rubutowa shi ne "rashin amana da zubar da mutuncin kamfani". Yaya mutum zai kare kansa daga wannan? Na sake ta: ranar kaza, mota mai lamba kaza, takarda ta ce kaza, ƙofa ta ce kaza, sa hannunka ne a ƙasa. Na haɗa masa da kwafin shafukan, na ba shi kwana biyar na aiki ya shirya amsarsa, na sanar da shi cewa yana iya zuwa da wakilin ƙungiyar ma'aikata ko abokin aiki, kuma na faɗa masa a rubuce cewa abin zai iya kaiwa ga kora. Wannan jimlar ta ƙarshe ba a son rubuta ta, amma in babu ita mutum zai shigo da tunanin faɗa kawai za a yi masa.

Ranar zaman ya zo da wakilinsa da wata tsohuwar ambulan a hannu. Kafin ya buɗe baki, ni kaina na gama yanke masa hukunci a raina, ba zan ɓoye ba. Sai ya zaro wata takarda: katan shidan nan na ranar farko musanya ce ta kayan da suka lalace a hannun wani kwastoma, kuma mataimakin manajan ne ya sa hannu a kai, takardar ce kawai ba ta shiga fayil ba. Muka ɗage zaman, muka kira mataimakin, ya ce tabbas an yi haka. Tuhuma ɗaya ta faɗi, kuma ita ce mafi girma. Da mun kore shi ba tare da zama ba, da wannan takardar kaɗai zai kayar da mu.

Sauran ranaku biyun ba shi da bayani. Da farko ya ce masu gadi ne suka yi kuskuren ƙirga, daga baya ya ce bai tuna ba. Direban motar kuwa ya riga ya shaida wa mai bincike inda aka sauke katan ɗin, kuma mun karanta masa shaidar a gabansa, ya amsa abin da zai iya. Kwamitin ma'aikata ba kotun laifuka ba ne, ba ya ɗaure kowa. Abin da yake nema shi ne ya gamsu, bayan bincike na adalci, cewa abin ya faru. Shugaban zaman ya duba shekarun mutumin a wurin da cewa bai taɓa samun gargaɗi ba, amma ya ce mai riƙe da makulli in ya ci amana sau biyu ba a mayar masa da makulli. An kore shi ba notis, wanda babban laifi kaɗai ke halatta hakan. Albashin kwanakin da ya yi da kuɗin hutun da bai tafi ba duk an biya shi, don wannan guminsa ne, kora ba ta cinye shi. Ya ɗaukaka ƙara ga babban darakta, wanda bai taɓa shiga maganar ba, aka tabbatar da hukuncin. Daga dakatarwa zuwa ƙarshe, mako biyar.

A nan sai in ɗan ratse. Da a ce laifinsa makara ce ko barin wurin aiki ba izini, da ba haka za a bi ba. Ƙaramin laifi sai an yi gargaɗi a rubuce, an maimaita, an yi na ƙarshe, kafin a yi maganar sallama.

Magatakardan lissafi shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne manajan ya fi ƙosawa da shi. Ya ce, "Malama, shekara biyu ina haƙuri da yaron nan." Na jawo fayil ɗinsa na buɗe a gabansa. Takardun auna aiki na shekara biyu, duka an rubuta "aikinsa ya gamsar", kuma sa hannun manajan ne a ƙasa. Ya yi shiru, sannan ya ce ai ba ya son ya ɓata wa yaro takarda ne. Na ce to wannan kirkin naka shi ne ya mayar da mu farko, don a takarda yau ce ranar da matsalar ta fara.

Tambayar da nake fara yi wa kaina a irin wannan ita ce: ya ƙi ne ko ya kasa? Wanda ya iya amma ya ƙi, maganarsa ta ladabtarwa ce. Wanda yake ƙoƙari abin ya fi ƙarfinsa, tuhuma ba ta da amfani a kansa, don ba za ka tsorata mutum ya iya abin da bai iya ba. Wannan yana zuwa da wuri, yana tashi a makare, kurakuran dai ba sa raguwa. Na kuma tambaye shi a keɓe ko akwai rashin lafiya ko wata damuwa da ke hana shi natsuwa, don da akwai, da wata hanyar ce dabam ta likita da sauƙaƙa masa aiki. Ya ce babu.

"Ka ƙara himma" ba umarni ba ne da za a iya aunawa. Sai da muka zauna muka fitar da lamba. A wata yana shigar da kusan layi 500, ana samun kuskure a wajen 30. Abokan aikinsa biyu masu irin aikinsa ba sa wuce takwas. Muka sa masa ma'auni: ƙasa da goma, cikin wata uku. Da gangan muka ɗauko lambar daga abin da abokan aikinsa ke yi a zahiri, domin idan aka ɗora wa mutum abin da babu mai iya yi, kowa zai gane tarko ne aka ɗana. A zaman farko kuma muka gano abin kunya a ɓangarenmu: lokacin da aka koyar da sabon tsarin lambobin kaya yana hutu, ba wanda ya sake koya masa. Muka ba shi horon kwana uku, muka zaunar da shi kusa da wadda ta fi kowa ƙwarewa, muka sa zama duk bayan mako biyu, ana rubuta abin da aka tattauna, shi da manajan suna sa hannu.

Wahalar ba a kansa take ba, a kan manajan take. Sau biyu ya tsallake zaman, sai da na je na tsaya a bakin ofishinsa. Na gaya masa cewa duk zaman da ya tsallake, shi ne ya karya alƙawari ba yaron ba, kuma za mu ƙara makonnin a kan wa'adin.

Watan farko kurakurai suka sauko zuwa 22, har na fara murna. Na biyu 19, na uku 20. Ya tsaya cak. Aka ba shi gargaɗi na ƙarshe a rubuce da ƙarin mako shida, aka faɗa masa abin da zai biyo baya. Na duba ko akwai wani gurbi da zai fi dacewa da shi, na sami ɗaya a wurin loda kaya, albashin ya ɗan yi ƙasa, ya ce ya gode amma ba zai karɓa ba. Da wa'adin ya cika ba canji, muka kira zama kamar yadda aka yi wa mai sito, da wakilinsa, aka ba shi dama ya yi magana, don haƙƙin kare kai bai tsaya ga wanda ake zargi da laifi ba. Bai yi gardama da lambobin ba, ya riga ya sa hannu a kan kowace. An sallame shi da cikakken notis da haƙƙoƙinsa, kuma babu kalmar laifi ko ɗaya a takardarsa. Kusan wata shida aka ɗauka. Manajan ya ce da an bi tasa da tuni an manta. Ban musa ba, hanyar tana da tsawo, kuma sashen ya sha gyaran kurakurai duk tsawon lokacin.

Rage ma'aikatan yana tafiya ne a lokaci guda da wannan. A nan babu wanda ake tuhuma, saboda haka ba takardar tuhuma, ba gargaɗi. Sashen rasit mutum tara ne, aikin da ya rage na mutum shida ne. Abin da aka fara yi shi ne rubuta wa ƙungiyar ma'aikata dalilin, da adadin waɗanda abin zai iya shafa, da lokacin da ake sa ran yi, tun ba a yanke shawara ba. Yarjejeniyar 158 ta tanadi wannan tuntuɓa, ta kuma tanadi sanar da hukumar ƙwadago, kodayake a ƙasashe da dama sai adadin ya kai wani mizani wannan ke zama dole. Tuntuɓar da aka yi bayan an gama buga takardun sallama ba tuntuɓa ba ce, aski ne a bayan idon mai kai.

Kuma zaman ya yi amfani fiye da yadda na zata. Wakilin ƙungiya ne ya tambaya me ya sa ake biyan kuɗin ƙarin lokaci a sashen karɓar oda alhali ana shirin sallamar masu iya wannan aikin. Ba wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu. Da aka yi lissafi, gurbi ɗaya ya fito a can. Wani dattijo da ya kusa ritaya kuma ya ce shi zai tafi da kansa in an daidaita masa haƙƙinsa. Daga uku, saura mutum ɗaya.

Sai na koma kan sunan da ke takardar manajan. Na tambaye shi me ya sa ita. Ya ce ba ta zama, bara kusan rabin shekara ba a gan ta ba. Na ce, "Yallaɓai, hutun haihuwa ta tafi." Ya ce shi dai aiki ya sani. Na gaya masa cewa ciki da hutun haihuwa suna cikin abubuwan da yarjejeniyar ta ambata da suna cewa ba sa zama dalilin sallama, tare da shiga ƙungiyar ƙwadago, da kai ƙarar mai aiki, da addini, da jinsi. Idan muka sa kwanakin hutunta a ma'aunin zuwa aiki, mun kore ta saboda haihuwa ke nan, ko da wane suna muka kira abin.

Ma'aunin zaɓe mun rubuta shi ne kafin mu kalli sunan kowa, kuma ƙungiya ta gani ta amince: daɗewa a aiki, ƙwarewa a sabuwar manhajar bisa gwaji iri ɗaya ga kowa, sakamakon auna aiki na shekara biyu, da fashi ba izini, ban da hutun haihuwa da jinyar da ke da takardar likita. Kowane da makinsa. Duk mutum bakwai da suka rage aka auna, ba wanda aka ware tun farko. Mutum biyu suka ba da maki kowa shi kaɗai, sannan aka haɗa.

Matar ta zo ta biyu daga sama. Wanda ya zo ƙarshe wani saurayi ne da bai cika shekara biyu ba, mai fara'a, wanda manajan ke ji da shi, ni ma haka. Manajan ya dawo ofishina, a wannan karon ya zauna, ya tambaya ko ba za a ƙara wani ma'auni na "haɗin kai da abokan aiki" ba. Na ce da an kawo shi kafin a ga sakamako, da an tattauna, yanzu kam ya makara.

Na kira saurayin shi kaɗai, na nuna masa makinsa, ban nuna masa na kowa ba. Ya duba ya ce an rubuta masa fashi biyu, alhali ɗaya yana da izini. Na bincika, gaskiyarsa ce, na gyara, amma makin bai ɗaga shi daga ƙarshe ba. Aka ba shi notis, da kuɗin sallama yadda doka da kwantiraginsa suka tanada, da izinin fita neman aiki a cikin kwanakin notis ba tare da an yanke masa albashi ba. Na rubuta a takardar cewa idan gurbi irin nasa ya buɗe cikin shekara guda, shi za a fara kira.

Da zai tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Anti, don Allah in an tambaye ni a wani wurin, me zan ce na yi?" Na ce ba ka yi komai ba, kuma haka na rubuta. Na miƙa masa takardar shaidar aiki, mai ɗauke da ranar da ya fara, da ranar da zai gama, da irin aikin da ya yi, sai wasiƙar da ta ce an rage kujerun sashen daga tara zuwa shida. Ya karanta wasiƙar sau biyu a tsaye, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya koma teburinsa, don akwai sauran rasit na ranar da bai gama ba.